Yaran Suna Tambaya Barkatai, Yaya Zan Yi?

Tambaya: "Ni sabon malamin firamare ne a Gadarif ta ƙasar Sudan. Da na fara darasi sai yara su yi ta jefo tambayoyin da ba su shafi darasin ba. In hana su?"

Malam, kada ka hana su gaba ɗaya. Wani abokin aikina a Mai Wurno yana koyar da lissafi, yaro ya ce me ya sa Kogin Nil yake cika da damina. Malamin ya ce ruwan saman tsaunukan Habasha ne ke gangarowa. Kafin ya juya ga allo, wata yarinya ta tambayi dalilin da watan sama yake raguwa, wani kuma ya ce yaushe Sudan ta samu 'yanci. Ya ce 1956. Tambayar watan ce ya rubuta a gefen allo, domin tana buƙatar zane, ya bar mata minti biyar na ƙarshe.

Abin lura ke nan: mai amsar jimla ɗaya a sallame ta nan take, doguwa a ajiye. Kuskuren sababbin malamai shi ne ƙirƙiro amsa don gudun kunya, alhali yaran nan ba sa mantuwa. Ka ce za ka bincika, gobe ka cika alkawari. In tambayar fiƙihu ce ko ta ciwo, tura su wurin malamin addini ko likita.