Wa'adin kwana bakwai, da aikin da ya wuce ni a 2016

"Maigida, wani kamfanin casar shinkafa ya ba ni takardar ɗaukar aiki jiya Litinin 3 ga wata, sun ce in sa hannu in mayar kafin a tashi aiki ranar Litinin 10 ga wata. To wani kamfanin gini da na yi intabiyu da su a Sakkwato, wanda albashinsu ya fi, sun ce sai Juma'a 14 za su faɗi sakamako. Yaya zan roƙi manajan ya ƙara mini lokaci ba tare da na ɓata masa rai ba?"

Ajiye sifanar nan ka zauna. Yau za ka kira shi, yau Talata, ba ranar Lahadi da dare ba yadda kuka saba. Ku yaran yanzu komai sai wuta ta zo gemu, sannan ku tura saƙo mai layi ɗaya da ɗan hoton hannu biyu a haɗe, wai kun yi roƙo ke nan.

Bari in gaya maka abin da ya sa maganar nan ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a nan Birnin Kebbi, shugaban ƙasa da kansa ya zo. Kafin shekara ta zagayo, daga Argungu zuwa Suru har Yawuri kowa ya koma fadama, injinan ban-ruwa suka cika gari, masu casa suka fara neman makanikai ido rufe. A lokacin, in ana maganar janareta mai cin gas daga nan har Jega, sunana ne na farko, ba yabon kai ba. Ina da takardar gwajin sana'a mai daraja ta ɗaya, ina da yara shida a garejin nan.

Sai wani kamfanin casa, ba zan kama suna ba, ya kira ni. Shugaban masu gyara suke so, albashi naira dubu tamanin da biyar, da ɗaki, da babur. Kuɗin wancan lokacin nake gaya maka, ba na yau ba. Takarda ta ce kwana bakwai. A daidai lokacin kuma wani mutum, ɗan unguwarmu, ya riga ya karɓi dubu arba'in a hannuna, ya rantse mini sunana yana cikin jerin waɗanda wata ma'aikatar gwamnati za ta ɗauka, saura kawai a sa hannu. Aikin gwamnati, da fansho. Zuciya ta rabu biyu.

Na bari har kwana na shida. Sannan na je, ban ma shiga ofis ba, na tare manajan a bakin masallaci bayan azahar yana neman takalminsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan ƙara mini lokaci, akwai aikin gwamnati da nake jira." Ka ji wautar? Na gaya wa mutum a gaban jama'a cewa shi ne na ko-ta-kwana. Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, Malam, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Na koma gida da daɗina, ina cewa an ƙara mini. Kwana nawa aka ƙara? Ban tambaya ba. Wa ya rubuta? Ba kowa. "Ba komai" ɗin Bahaushe na ɗauka na sa a aljihu kamar rasit.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka jerin gwamnati ya fito, babu sunana, ɗan unguwar tamu kuma wayarsa ta daina shiga. Na hau babur da sassafe na tafi kamfanin da takardata a sa hannu. Akawun ya duba kwanan wata, ya juyo mini da ita, ya sa yatsa a kan layin wa'adi. Ya ce tun washegarin ranar suka kira wanda ya zo na biyu. Ka san waye? Yaron da ni na koya masa yadda ake fitar da iska daga famfon mai. Na nemi manaja, ya fito, ya ce shi addu'a ya yi mini, bai yi mini alkawari ba. Kuma a cikin kwanakin nan na riga na mayar da aikin injinan ban-ruwa ashirin da biyu na wata ƙungiyar manoma, na ce musu na kusa barin gareji. Suka kai wa wani. Ba tsuntsu ba tarko. Har yau in na wuce ta gaban ƙofar nan ba na juya kai, kuma dubu arba'in ɗina ban yafe ba.

To ga yadda za ka yi.

Kafin ka taɓa masu shinkafar, fara kiran mutanen Sakkwato. Nan ne mutane ke yin kuskure, su je suna roƙon wanda ya riga ya ba su, su ƙyale wanda ya riƙe su. Ka ce musu, "Na sami takardar aiki a wani wuri, wa'adinta Litinin 10 ga wata, amma naku na fi so. Ko zai yiwu in san matsayina kafin ranar?" Amsarsu ita za ta nuna maka komai. In suna son ka, za ka ji murya ta canza, a ce bari a yi wa oga magana, a tambaye ka ranar kuma. In ka ji "sai dai ka ci gaba da haƙuri, kwamiti bai zauna ba," to ka san ranar 14 ɗin nan tana iya zama 28. Wataƙila ma da kiran nan kaɗai ba sai ka roƙi kowa komai ba.

In sun tsaya a kan Juma'a, sai ka kira wanda ya sa hannu a takardarka. Shi, ba mai gadi ba, ba ɗan garinku da ke aiki a sito ba. Da hantsi, kamar ƙarfe goma, lokacin da ya gama zagayen injina. Bayan gaisuwa, wadda ba sai na koya maka ba, ka ce:

"Ranka ya daɗe, na karɓi takarda, na gode ƙwarai, kuma aikin ya kwanta mini. Gaskiyar magana, tun kafin takardarku ta zo na yi intabiyu a wani wuri, za su ba ni amsa Juma'a 14. Ba na so in sa muku hannu sannan in zo ina janyewa. Ina roƙon a ɗaga mini zuwa Litinin 17 da ƙarfe goma sha biyu, a ranar za ku ji e ko a'a daga bakina. Ranar fara aiki kuma in na karɓa tana nan yadda kuka sa."

Daga nan ka yi shiru. Kada ka cike shirun da surutu, bar shi ya yi tunani.

Lura da abin da ke cikin maganar. Akwai rana, har da ƙarfe. Manaja yana iya amincewa da mako ɗaya, domin zai iya riƙe wanda ya zo na biyu na tsawon haka, amma "ɗan lokaci" ba shi da bakin da zai kai wa nasa shugaban. Na sa maka 17 ba 14 ba, domin ofis da ya ce Juma'a, sau da yawa bayan an sauko daga masallaci ba ka ƙara samun kowa a kujera. Ka bar wa kanka Asabar da Lahadi. Sau ɗaya ake wannan roƙon, in ka dawo karo na biyu ka zama abin wasa, don haka ka nemi abin da zai ishe ka tun farko. Fiye da mako ɗaya kuma, ko kwana goma in ya yi yawa, ni ba zan nema ba.

Layin ƙarshen nan na ranar fara aiki shi ne ya fi nauyi, shi ne ban sani ba a lokacina. Wa'adin amsa daban, ranar fara aiki daban. Abin da ke damun mai casa shi ne kada shanshera ta cika sito, janareta ya tsaya, babu makanike. In takardarka ta ce za ka fara 1 ga watan gobe, mako ɗaya bai rage shi da komai ba, sai ka nuna masa hakan. In kuwa ana tsakiyar kaka ne, suna son ka jibi, to kada ka yi mamaki in ya ce a'a, ba ƙiyayya ba ce.

Za ka ce ai ni ma gaskiyar na faɗa ta kashe ni. A'a. Ni na faɗe ta a makare, a tsaye, na kuma nuna wancan na fi so. Kai ka faɗi cewa akwai wani wuri, amma kada ka kama sunansu, kada ka ce sun fi biya, kada kuma ka cusa maganar ƙarin albashi a wannan kiran. Taura biyu ba ta taunuwa. Ƙaryar "mahaifiyata ba lafiya" kuwa, kada in ji ta. Kebbi ƙaramar ƙasa ce, direban tirelar da ke ɗaukar musu buhu gobe yana Sakkwato yana shan shayi da mutanen wancan kamfanin.

In ya ce to, kafin ka sa wayar a aljihu ka tura masa saƙo, ta imel in da ita aka aiko takardar: godiya, da cewa kamar yadda kuka yi magana yau Talata 4 ga wata, an ɗaga wa'adi zuwa Litinin 17 ƙarfe goma sha biyu, kana roƙon ya tabbatar. Sai ya amsa a rubuce, ko da kalma ɗaya ce. In har Alhamis bai amsa ba, ka sake kira sau ɗaya. In aka kai Asabar shiru, wa'adinka yana nan ranar 10, ka yi lissafinka a kan haka. In ka ji "ba komai" ko "za mu duba," ka tambaya cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, in rubuta 17 ke nan?"

In ya ƙi, ka yi godiya, ka ce za su ji ka kafin Litinin. Sannan ka sake kiran Sakkwato ranar Juma'a 7, ka gaya musu an ƙi ɗagawa. Ba su ba ka komai a rubuce ba zuwa safiyar Litinin? Ni dai sa hannu zan yi. Takarda a hannu da albashi dubu kaza ta fi "muna sa ran" mai dubu ɗari. Na san abokanka za su ce ka sa hannu kawai, in wancan ya fito ka gudu, wai ai doka ma ta yarda sabon ma'aikaci ya ba da gajeren notis. Dokar ƙwadago ta ce kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, haka ne, amma takardarka tana iya cewa wata guda, je ka karanta layin. Kuma sunana ne a wurin mai tsaya maka. Ranar da ka yi musu haka, ba za su ƙara ɗaukar yaro daga garejin nan ba, ga ƙannenka uku a baya.

Ƙarfe tara da rabi yanzu. Je ka wanke man nan daga hannunka, ka shiga cikin shago inda ƙarar injin ba ta kai, ka fara da Sakkwato. In ka gama ka kawo mini takardar in ga ranar fara aikin da idona, sannan ka koma kan famfon Alhaji, ya ce bayan la'asar zai turo a ɗauka.