Tsakanin ganau da jiyau: inda "wai" da "ashe" suke haɗuwa da aikatau

Tambaya daga wata malamar makaranta a Kumo, jihar Gombe: "Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena da ya yi karatu a Turkiyya ya ce a harshensu ba za ka ce wani ya zo ba sai aikatau ɗin ya nuna ko ka gani da idonka ko labari ka ji. Shin Hausa tana da irin wannan, ko kuwa 'wai' ɗinmu ce take yin aikin?"

Wa alaikumus salam, Malama. Ƙanen naki ya faɗi gaskiya. Baturke yana da ɗafa-ƙeya biyu, wato gaɓoɓin da ake liƙawa a ƙarshen kalma, na abin da ya shuɗe: idan ya shaida zuwan mutum sai ya ce geldi, idan kuwa labari ya ji, ko takalman mutumin ya tarar a bakin ƙofa, ko ya yi kiciɓis da shi ba zato, sai ya ce gelmish. Akwai ma harsunan da suka fi haka tsanani, kamar Tuyuka da ake yi a kan iyakar Kolombiya da Barazil, inda aikatau yake rarrabe hanyoyin sani guda biyar, wato gani da ido, da ji ta wata gaɓa, da alamar da abu ya bari, da labarin wani, da kuma ƙiyasi. Masaniyar harsuna Alexandra Aikhenvald ta ƙiyasta a 2004 cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na harsunan duniya suna alamta madogarar zance, wato hanyar da mai magana ya san abin da yake faɗi, a cikin nahawunsu.

Hausa ba ta cikin wannan kaso. Idan na ce miki "an yi ruwa a Kumo", jimlar ta cika, kuma babu abin da ya tilasta mini in faɗi ko ruwan ya dake ni ne ko a tashar mota na ji. Amma kada wannan ya sa a ɗauka Bahaushe bai damu da madogara ba, domin mutanen da suke cewa "gani ya kori ji", suke bugun ƙirji da "ni ganau ne ba jiyau ba", sun san bambancin sarai. Abin da Hausa take yi shi ne ta ɗora aikin a kan wasu ƙananan kalmomi da wasu aikatau na gani da ji, sannan ta bar lamirin lokaci, wato ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau kamar "an" ko "ana", ya gyara ma'anarsu. Wannan haɗuwa ce nake so mu tsaya a kanta, don a nan ne masu rubutu da masu fassara suka fi tuntuɓe.

Bari mu riƙe misalin ruwan. Mu ɗauka wani direba ya taso daga Kumo ya shigo Gombe, aka tambaye shi labarin gari. Idan ya ce "na ga ana ruwa", ya saka aikatau na biyu a lokaci mai ci, kuma wannan shi ne mafi ƙarfin shaida, domin ganinsa da saukar ruwan sun faru a tare. Idan ya ce "na ga an yi ruwa", kalmar gani tana nan ba ta motsa ba, amma da yake ya koma shuɗaɗɗen lokaci, mai saurare zai fi fahimtar cewa sawun ruwan ya gani, wato taɓo a hanya da kududdufai a gefen titi, daga nan ya yanke hukunci. Bambancin "ana" da "an yi" kaɗai ya mayar da shi daga mai shaidar faruwar abu zuwa mai karanta alama. Haka abin yake ga ji: "na ji ana ruwa" na iya zama ƙarar ruwa a kan kwanon ɗaki, amma "na ji an yi ruwa" galibi labari ne aka ba shi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da ke faruwa idan aka juya lokacin aikatau na farko. "Na ga an yi ruwa" magana ce ta ido, amma "ina ganin an yi ruwa" ba ta da alaƙa da ido ko kaɗan, zato ce kawai, kuma makaho ma yana faɗinta ba wanda zai yi mamaki. "Ina jin an yi ruwa" ita ma haka take, kunne ya fita daga cikinta, saura tsammani. Wato gani da ji suna riƙe nauyinsu na shaida ne a shuɗaɗɗen lokaci, idan suka shiga lokaci mai ci tare da cikakkiyar jimla a bayansu sai su zama ra'ayi. Duk wanda yake rubuta bayanin mai ba da shaida, ko a zaman sulhu ne a ƙofar mai unguwa, ya kamata ya kiyaye wannan, domin mayar da "ina ganin shi ya ɗauka" zuwa "na ga ya ɗauka" zalunci ne babba ga wanda ake zargi.

Yanzu ga "wai" da kika ambata. Asalin aikinta shi ne ta sanar cewa maganar ta wani ce, mai faɗi ɗauko ta kawai ya yi. "Wai an yi ruwa a Kumo" ba ta nufin ƙarya ce, tana nufin kada a kama ni idan ba haka ba ne. Shakka da ake ji a cikinta daga baya take shigowa, kuma tana ƙaruwa ne gwargwadon yadda ya kamata a ce mai maganar ya sani da kansa. Idan mutumin Bauchi ya ce wai an yi ruwa a Kumo, babu komai. Idan mutumin da ya kwana a Kumo ya faɗa, to yana musantawa ne a fakaice. Shi ya sa ta fi kaifi idan mutum yana magana a kan kansa: "wai na zage shi" ƙin amincewa ne da zargi, sai fa a abin da mutum ba zai iya shaidar kansa ba, kamar "wai na yi surutu cikin barci" ko "wai a Azare aka haife ni". A nan ta bambanta da "in ji", wadda take neman a ambaci mai maganar, da kuma "an ce", wadda ta fi ta kamewa, shi ya sa mai karanta labarai a rediyo ya fi jingina da ita.

Lamirin da ya biyo bayan "wai" shi ne yake faɗin irin abin da aka ɗauko. Idan yaro ya shigo ya ce "wai ka zo", a rubuce jimlar tana da fuska biyu. Idan ya ja wasalin "ka" da karin sama, shuɗaɗɗen lokaci ne, ma'ana ana cewa ka riga ka iso. Idan ya gajarta shi da karin ƙasa, umartau ne, ma'ana wani yana kiranka, yaron ɗan aike ne kawai. Tun da rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, hanyar da nake koya wa ɗalibai ita ce su juya jimlar zuwa mace ko jam'i, inda siffofin suke rabuwa a fili: "wai kin zo" da "wai ki zo", "wai kun zo" da "wai ku zo". Ki lura kuma cewa a cikin "wai ku zo" babu ƙwayar shakka ko ɗaya, hasali ma ladabi ne, domin yaron yana nuna ba shi ne yake umartar babba ba.

Wannan gwaji shi ne kuma yake raba "wai" da "ashe". Ita "ashe" aikinta nuna cewa sanin yanzu ya zo, kuma ya saɓa wa abin da aka zata. Direbanmu ya fito da asuba ya tarar ƙasa a jiƙe, sai ya ce "ashe an yi ruwa". Za a ce "ashe kun zo", "ashe kuna nan", "ashe za ku tafi", amma ba a cewa "ashe ku zo" da nufin kira, saboda umarni ba abu ne da ake ganowa ba. Sai an shigo da wata kalma, kamar "ashe gara ku zo", kuma a nan abin da aka gano shi ne dacewar zuwan. Idan kika waiwayi gelmish ta Baturke za ki ga ɗafa-ƙeya ɗaya ta ɗauki abin da Hausa ta raba uku: "wai ya zo", "da alama ya zo", da "ashe ya zo". Mai fassara daga Turkanci dole ya duba yanayin maganar kafin ya zaɓi ɗaya.

Akwai wuri guda da lamirin lokaci shi kaɗai yake kusan yin aikin, ba tare da taimakon wata kalma ba, wato lokaci mai zuwa idan aka yi amfani da shi ga abin da yake na yanzu. Dillali a kasuwar hatsi ya ɗaga buhun da ba a cika ba ya ce "zai kai mudu talatin", alhali masarar tana gabansa, babu wani gobe a maganar. Abin da "zai" take faɗi shi ne kintace ya yi, bai auna ba, kuma da ya auna sai ya ce "ya kai mudu talatin". Haka muke cewa dattijo "zai yi shekara tamanin". Duk da haka ba zan kira wannan alamar madogara ta nahawu ba, domin aiki ne na aro, ainihin aikin "zai" yana nan daram.

Sai kuskure ɗaya da na sha ji daga ɗalibai, cewa bambancin "sun zo" da "suka zo" bambancin ji ne da gani, wai don mai ba da labarin abin da ya shaida yakan jera "suka". Wannan ba daidai ba ne. Shuɗaɗɗen lokaci na biyu, wato irin na "suka", yana zuwa ne idan an jera aukuwa bi da bi, ko an gabatar da wani sashe na jimla don ƙarfafawa, ko bayan kalmar tambaya da "wanda" da danginta. Mai tatsuniya yana cewa "suka tafi, suka tarar da kura", bai kuwa ga ko ɗaya ba. Gwajin mai sauƙi ne: "wai sun zo jiya" da "wai jiya suka zo" duk jita-jita ne, abin da ya canza lamirin shi ne matsar da "jiya" gaba, kuma idan kika cire "wai" daga jimlolin biyu, "sun" da "suka" za su zauna a inda suke.