Gujon 30 a kan IPE 360: ka ƙirga na rabin putur kawai

Tambaya: "Salamu alaikum manyanmu. Ina da putur IPE 360, wato ƙarfen da ke kwance kan ginshiƙai yana ɗauke da bene, ƙarfe S235, tsawon mita 9, tsakaninsu mita 3, da dal, wato shimfiɗar beton bene, mai kaurin santimita 12, beto C25/30. Ɗan kwangila ya ce gujon 30, wato ƙusoshin da ake waldawa a saman putur su haɗa shi da dal, sun isa, kuma wai in ɗauki mita 3 duka a faɗin dal. Gobe za a fara walda, hankalina bai kwanta ba."

Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi da na karanta saƙonka sai da gabana ya faɗi, don irin wannan "sun isa" ita ce ta kusa raba ni da sana'ata a nan Maradi.

Maganar faɗi ba ta da tsawo. In putur ɗinka a kan ginshiƙi biyu kawai ya zauna, Yurokod 4, ƙa'idar Turai ta ginin ƙarfe haɗe da beto, ya ba ka kashi ɗaya cikin takwas na tsawon a kowane gefe, muddin bai wuce rabin tazarar da ke tsakanin putur biyu ba. Tara a raba takwas, mita 1.125 dama, 1.125 hagu, jimilla mita 2.25 idan layi ɗaya na gujon za ka jera. Beton da ya yi nisa da ƙarfen ba ya matsuwa kamar wanda ke bisa kansa, shi ya sa ba a ba ka mita 3. Ɗan kwangilar bai yi daidai ba, amma kada ka ƙarar da ƙarfinka a wannan gardama. Da mita 2.25 putur ɗin yana ɗaukar wajen 467 kNm, da mita 3 kuwa 478. Bambancin kaɗan ne, saboda a nan ƙarfen ne ke fara sarewa: shi 1708 kN yake iya ja, dal ɗin kuma yana iya tare fiye da 3800 kN.

Abin tsoron yana wajen gujon. Wannan 1708 kN sai ya bi ta jikinsu kafin ya shiga dal, kuma daga ginshiƙi zuwa tsakiyar putur yake taruwa. Ke nan na rabin tsawon kawai ake ƙirgawa. Gujon mai kai, kauri milimita 19, tsayi 100, a cikin C25/30 yana riƙe kamar 74 kN, kuma beton da ke kewaye da shi ne ya yanke wannan adadin, ƙarfensa shi kaɗai zai kai 82. Cikakken haɗi na son 24 a kowane rabi, 48 a putur guda. Naka 30 ɗin, 15 ne a rabi.

```
η = 15 × 74 / 1708 = 0.65
M = 240 + 0.65 × (467 − 240) ≈ 387 kNm
```

η shi ne kashin cikakken haɗi da gujonka suka kai, M kuma abin da putur zai ɗauka da wannan haɗin. 240 ɗin shi ne abin da IPE 360 zai ɗauka shi kaɗai ba dal. To ka ga 30 ba haramun ba ne. A tsawonka da irin ƙarfenka mafi ƙarancin da aka yarda shi ne 0.4, kai kana da 0.65. Amma 387 gare ka, ba 467 ba. Ka buɗe lissafinka yau da dare, in nauyin da ka samu ya haura 387 kNm sai a ƙara gujon, in bai kai ba ka bar shi da 30 ɗinsa, da sharaɗin gujon na gaskiya ne.

Sharaɗin nan shi ya ci ni. Wani magaza ne mai bene, za a jibge buhunan taki da wake a sama. Na zana, na rubuta gujon 19 ɓaro-ɓaro a kan takarda, mai ginin ya biya kuɗin da za a kawo su daga Kano. Ranar da za a zuba beto ina wani aiki a Tasawa, na roƙi ɗan kwangilar ya jira ni kwana guda in duba walda. Ya ce "Injiniya ka kwantar da hankalinka, mun yi waɗanda suka fi wannan." Da na dawo an rufe komai, an shafe. Ashe rodi mai milimita 12 ya sa yara suka yayyanka guntu-guntu, aka ɗiɗɗiga musu walda gefe ɗaya da ƙaramin janareto. Rodin 12 kashi 40 cikin ɗari ne kawai na naman gujon 19, ga shi ba kai, ba abin da zai hana dal ɗagawa daga kan ƙarfe. Kuɗin gujon kuwa har yau ban san inda suka shiga ba, ya je shi da Allah.

Bayan kaka aka loda kaya. Ƙofar ƙarfen da ke ƙasa ta fara cijewa. Da na hau tsani na duba bakin putur kusa da ginshiƙi, na ga dal ya zame a kan ƙarfen, siminti na zubowa kamar gari, har takarda tana shiga tsakaninsu. A can bakin ake fara gani, don a nan zamewar ta fi yawa. Mai ginin dattijo ne, sa'an mahaifina, ya kira ni gaban ƴaƴansa da leburori ya ce, "Ɗana, na ba ka amana." Ɗan kwangilar yana tsaye a gefe yana kaɗa makullin mota, ya ce ai lissafin injiniya ne bai yi ba, shi abin da aka zana ya bi. Ban iya cewa komai ba, bakina ya bushe. Sai da aka fasa dal a wuri guda aka ga guntayen rodin, wasu da hannu ake cire su. Duk da haka bai taɓa cewa in yi haƙuri ba, in mun haɗu wajen ɗaurin aure ma shi ke fara miƙo hannu yana murmushi. An ƙara ginshiƙai a tsakiyar magazan, kura ba ta iya juyawa ciki yadda aka so, ni kuma na daɗe ba wanda ya kira ni aiki a unguwar.

Don haka gobe kada ka matsa daga wurin. Ka riƙe gujon a hannunka ka auna, kai da kauri da tsayi. A goge saman ƙarfen, ba fenti, ba tsatsa. In babu bindigar walda, wadda wutarta ma ba kowane janareto ke ɗauka ba, a zagaye gindin kowane ɗaya da walda cikakkiya. Ka bi su da guduma: mai kyau ƙararsa tsaf take fita, marar kyau dum za ka ji. Ka zaɓi wasu ka lanƙwasa su kamar digiri 15, in gindi ya tsage a tsaya da aikin. Wanda ka lanƙwasa bai tsage ba ka bar shi haka, kada a miƙe shi.

Beton ma ka sa ido, don 74 ɗin nan na C25/30 ne. In aka cika ruwa, ko yashin gulbi ya zo da laka, ya sauko C20/25, gujon ya koma 65 kN, 0.65 ɗinka ya zama 0.57. Da zafin nan namu a rufe dal da buhuna a yi ta ba shi ruwa mako guda. Rodin da ke gitta putur ɗin kuma kada a rage shi, kuma na ƙasa ya zauna ƙarƙashin kan gujon, in ba haka ba dal zai tsage a tsaye bisa layinsu. Af, ka tuna ranar zubi ƙarfen ne kaɗai ke ɗauke da ɗanyen beto da mutane, ko ka tokare shi, ko ka tabbata 240 ɗin ta isa kuma ba zai karkace ba.

Ka ɗauki hoton kowane putur da gujonsa kafin a zuba, ka sa ɗan kwangilar ya sa hannu a kan adadin. In ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ka ce masa haka aikin yake. Ka turo mini nauyin da za a ɗora a saman, mu duba 387 ɗin tare kafin safiya.