Miliyan 23 na kan tirela, miliyan 6.6 na cikin buhunan da ba a sayar ba

Tambayar da aka turo a zaure: "Salamu alaikum manya. Kamfanoninmu uku duk a SAP ɗaya suke: injin shinkafa a Kano, kamfanin rarrabawa a Kaduna, da reshe a Maraɗi. Mun rufe wata, Kano tana bin Kaduna miliyan 92, Kaduna ta ce miliyan 69 ake binta. Buhu 2,000 aka tura, kuɗin sarrafa kowanne 40,000, an sayar wa Kaduna a 46,000. Tunda manhaja ɗaya ce, ina bambancin ya fito? Zan iya zuba shi a asusun jiran gyara mu wuce?"

Amsar da aka bayar da murya, an rubuta ta yadda aka faɗa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka zuba, don Allah kar ka zuba. Ɗauki kalkuleta ka raba miliyan 23 ɗin nan da 46,000. Me ka samu? Buhu 500 cif, babu ɓurɓushi. Duk bambancin da ya rabu da farashin buhu haka ba saura, to ba kuskuren lissafi ba ne, kaya ne a kan hanya. Tirela ce aka yi wa lodi a Kano ranar 30 ko 31 ga wata, ba ta sauke a Kaduna ba sai 1 ko 2 ga sabon wata. Jeka ka buɗe `MB5T`, rahoton kayan da ke kan hanya, za ka ga buhunan nan 500 a zaune, sun bar wancan sito ba su shiga wannan ba.

Mutane suna ɗauka wai tunda manhaja ɗaya ce littafi ma ɗaya ne. A'a. Kowane kamfani yana da `Company Code` nasa, da lejarsa, da ranar da yake shigar da abinsa. Kano tana fitar da kaya, inbois ya fita, bashin miliyan 92 ya hau nan take. Ita kuwa Kaduna, duba odar sayen da ta buɗe. Ina kyautata zaton an saka alama a `GR-Bsd IV`. Ma'anarta ba za a karɓi inbois a `MIRO` ba sai a kan abin da mai sito ya sa hannu ya ce ya shigo. Mai sito ya ƙirga buhu 1,500, to 1,500 sau 46,000 miliyan 69 kenan. Manhajar ba ta yi laifi ba, abin da aka ce ta yi ta yi.

To kafin ka taɓa komai, tambaya ɗaya za ka amsa: daren rufe wata, shinkafar da ke kan tirelar nan ta wa ce? Yarjejeniyar da ke tsakanin kamfanonin biyu ce za ta gaya maka, ba akanta ba. Idan an rubuta cewa kaya na barin ƙofar injin sun zama na Kaduna, to Kaduna ce ke da gyara: ta shigar da debit na kayan kan hanya miliyan 23, kiredit na bashin Kano miliyan 23, da ranar ƙarshen wata, ta juya shi ranar 1. Idan kuwa sai an sauke a sitonta suke zama nata, to Kano ce ta yi gaggawa, bai kamata ta rubuta cinikin buhu 500 ɗin ba tukuna, ita za ta janye. Ɗaya daga ciki ne, ba duka biyun ba. Domin akwai gidan da kowa zai ce bari in taimaka, Kano ta janye Kaduna kuma ta shigar, sai a wayi gari bambancin ya koma ɗaya gefen da miliyan 23 ɗin dai. Kuma idan babu rubutacciyar yarjejeniyar ma sam, wannan ita ce matsalarku ta gaske, tunda ƙa'idar farashin ciniki tsakanin kamfanoni masu alaƙa da hukumar harajin Najeriya ta fitar a 2018 za ta sa a tambaye ku takardar da kuma dalilin 46,000 ɗin.

Asusun jiran gyaran nan kuwa, ni abin da ke ɓata min rai kenan. A zuba yau a ce wata mai zuwa za a duba. Wata mai zuwa a ƙara wani a kai, na sefa, na kuɗin mota, na albashin da uwar kamfani ta biya wa wani. Kafin ƙarshen shekara ya zama tarin kuɗin da babu mai iya cewa ga asalinsa, wanda ya zuba ma an yi masa canjin wurin aiki. Odita na zuwa nan zai fara sa yatsa. Kuma mafi muni, da hannu ake zuba irin wannan, ba a cike gurbin `Trading Partner`. Gurbin nan shi ne gaba ɗayan abin da manhaja take gane ɗan gida da shi. A cikin bayanan kwastoma da na mai kawo kaya ake saka shi, daga nan yake bin kowace takarda da kanta. Idan aka buɗe Kaduna a matsayin kwastoma aka manta ba a saka ba, duk cinikin da aka yi da ita manhaja baƙo take ganinta, ba za ta soke ba ranar haɗe asusun kamfanonin ya zama na rukuni ɗaya. Ka saka shi yau kuma, tsofaffin takardu ba za su ɗauka ba, sai na gaba. Saboda haka ka tace layukan asusun ciniki da na bashin 'yan gida, ka nemo waɗanda gurbin yake fanko. Kowane wata, ba sai Disamba ba.

Yauwa. Amma ni a ganina ba miliyan 23 ce za ta cuce ka ba, tunda ita tana ihu, kowa ya gan ta. Wadda ba ta ihu ita ce ribar da ke kwance cikin sito. Ba ka faɗi nawa Kaduna ta sayar ba, to bari mu ƙaddara ta sayar wa 'yan kasuwa buhu 900 a 50,000. Mu kuma ɗauka kaya na barin Kano sun zama nata.

Littafin Kano: ciniki miliyan 92, kuɗin kaya miliyan 80, riba miliyan 12. Littafin Kaduna: ciniki miliyan 45, kuɗin kaya 900 sau 46,000, wato miliyan 41.4, riba miliyan 3.6. In ka tara su kawai za ka ce rukuni ya yi cinikin miliyan 137, ribar miliyan 15.6. To ina tambayarka, wane kuɗi ne ya shigo gidan daga waje? Miliyan 45 kaɗai. Sauran daga aljihun dama aka mayar aljihun hagu. Abin da ƙa'idar lissafi ta IFRS 10 ke cewa kenan, a ɗauki rukunin tamkar kamfani ɗaya, a soke abin da ke tsakaninsu gaba ɗayansa.

Sai ka soke miliyan 92 daga ciniki, ka soke miliyan 92 daga kuɗin kaya. Ciniki ya dawo 45, daidai. Kuɗin kaya fa? 80 da 41.4 sun ba da 121.4, cire 92, saura 29.4. Nan yawanci ake tsayawa a ce an gama, tunda bashi ya soke bashi, ciniki ya soke saye, rahoto ya yi kore. Amma duba riba: 45 cire 29.4, har yanzu 15.6 ce, ba ta motsa ba. Alhali buhu 900 da aka sarrafa a 40,000 miliyan 36 ne kuɗinsu, ribar gaskiya miliyan 9. Ina miliyan 6.6 ta maƙale? Tana cikin buhunan da ba a sayar ba. Buhu 600 a sito, sau ribar 6,000 da Kano ta ɗora wa kowanne, miliyan 3.6 ke... a'a, tsaya, na manta da tirelata. Na kan hanya ma suna ciki, tunda mun ce na Kaduna ne. 600 da 500, buhu 1,100 sau 6,000, miliyan 6.6. Ka ga ni ma da nake magana na kusa tsallake ta, to haka ake tsallake ta a ofis, domin rahoton sito ba ya nuna abin da ke kan titi.

```
Dr  Cost of sales   6,600,000
Cr  Inventory       6,600,000
```

Kaya sun sauko daga miliyan 50.6 zuwa miliyan 44, wato 1,100 sau 40,000. Kuɗin kaya ya zama 36, riba 9. A matakin haɗe asusu kaɗai ake wannan shigarwar. Kar ka kai ta littafin Kano ko na Kaduna, domin su a gaban doka ciniki suka yi na gaske, kowanne zai kai nasa asusun ga hukuma. Kuma abin sha'awa, da ka ɗauki ɗaya hanyar, wato Kano ta janye buhu 500, ribarta ta zama miliyan 9, ta Kaduna 3.6, ka cire 3.6 ta buhu 600, miliyan 9 ɗin dai za ka samu. Wannan ne gwajinka. Duk hanyar da ka bi in ba ka sauka a 9 ba, akwai abin da ka bari.

Abu biyu ke bin wannan. Idan ba ku mallaki injin Kano duka ba, a ce kashi 80 naku, 20 na wasu, to tunda Kano ce mai sayarwa ribarta ce ta ragu, masu kashi 20 za su ɗauki rabonsu na ragin, naira miliyan 1.32. Sannan harajin da aka jinkirta: an rage darajar kaya a asusun rukuni, a wajen hukuma kuwa tana nan a 46,000, sai a lissafa da adadin harajin kamfanin da ke riƙe da kayan, wato mai saye. In kashi 30 ne, miliyan 1.98. Wata mai zuwa kuma kar ka manta ka saki miliyan 6.6 ɗin idan buhunan sun fita waje, sannan ka lissafa ta sabon ragowar. In ba ka saki ba, ribar ta ɓace daga rukuni har abada, in ka saki sau biyu kuma ta ninka.

Na Maraɗi, wannan zance ne mai tsawo, batir ɗina ma ya kusa. Abu ɗaya dai: in za ka gwada bashinsu da na Kano, da kuɗin da aka rubuta inbois da shi za ka gwada, naira da naira ko sefa da sefa, ba bayan an juya ba. In sun yi daidai a nan, abin da ya rage bambancin canji ne, kuma shi ƙa'idar IAS 21 ba ta yarda a soke shi ba ko da bashin na 'yan gida ne, yana zama a riba ko asara. Wannan sai na zauna.

Ka fara da webil ɗin tirelar nan. Duba ranar da ta fita daga sikelin Kano da ranar da mai siton Kaduna ya buga hatimi, ka turo min hoton biyun tare da shafin yarjejeniyar da ya yi maganar inda kaya ke canza hannu.