Ma'ana da Hausa, misali da Larabci

"Salam 'yan uwa. Ina koyon Larabci a makarantar dare nan Jega. In na tambayi kalma sai in ce a ba ni ma'anarta da Hausa amma jimlar misali da Larabci, wani abokina ya ce ɓata lokaci ne, in bari a yi min duka da Hausa in fi ganewa. Wa ke da gaskiya?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kai ke da gaskiya, kar ka bari ya canza maka hanya. Na daɗe ina karantar da yara da magidanta a Islamiyya nan Birnin Kebbi, kuma abin da na lura shi ne Hausa tana ba ka abin da kalma ke nufi, amma ba ta iya nuna maka da wa kalmar ke tafiya, wanga sai cikin jimlar Larabcin kanta za ka gan shi.

Ɗauki ragiba. In ka tambaya za a ce maka so ko kwaɗayi, kuma ba a yi ƙarya ba. To amma ragibtu fil ilmi na nufin na yi kwaɗayin ilimi, in ka cire harafin fi ka sa harafin an sai magana ta juye gaba ɗaya, ragibtu anhu na nufin na ƙi shi, na juya mishi baya. In kuma ila ta biyo ta sai ta koma roƙo da ƙanƙan da kai, kamar ayar ƙarshe ta Alam nashrah, wa ila rabbika fargab. Kalma guda, harafi ukku, ma'ana ukku. Akwai wani ɗalibi namu mai ƙoƙari ƙwarai, ya rubuta ragiba da so a gefen littafinshi ya hardace, ranar da munka kai hadisin nan na Buhari da Muslim, fa man ragiba an sunnati fa laisa minni, na ce ya fassara sai ya ce duk wanda ya so sunnata ba ya tare da ni. Ya tsaya ya sake duban allo don shi kanshi ya ji maganar ba ta zauna ba. Wallahi ba laifinshi ba ne, ma'ana tsirara anka ba shi ba jimla. Da misalin Hausa anka yi mishi, a ce ina son karatu, ina zai ga fi balle an?

Sai dai akwai gyara ga yadda kake tambayar. Kar ka turo kalma ita kaɗai, turo ta da layin da ka tsince ta ciki. Kalmar daraba bugu take nufi, amma daraba masalan buga misali ne, kuma wa iza darabtum fil ardi a Suratun Nisa'i aya ta 101 tafiya ake nufi, ayar kasaru ce. Wanda bai ga layinka ba ma'anar farko da ta zo mishi a kai zai ba ka. In fi'ili ne ka ce a haɗa maka da mudari'i, wato sigar aikin da ake yi ko za a yi, da masdari, wato sunan aikin, ragiba yargabu ragbatan, kuma a sa wasali ko a yi maka ta murya, don rubutun waya ba wasali yana sa sabon ɗalibi ya hardace kuskure, kuma cire shi daga baki aiki ne babba.

Shi misalin kuma ba kowane ake karɓa ba. Ya zama gajere, kalma huɗu zuwa shida, kuma sauran kalmomin duk ka san su, in ba haka ba tambaya guda ta haifi ukku. Gwajin da nake yi shi ne in rufe kalmar da yatsa, in kowace kalma za ta iya shiga gurbin to misalin bai koyar da komai ba, irin su haza kitabun. Abin da ya fi damuna kuma shi ne misalin da Hausa ce anka sa ma rigar Larabci, wani zai rubuto maka akaltul imtihan wai na ci jarabawa, Balarabe bai cin jarabawa, najahtu fil imtihan yake cewa. Shi ya sa in mai amsa bai ƙware ba gara ya ciro maka daga aya ko hadisi ko littafin da kuke karantawa da ya ƙirƙira da kanshi.

Inda abokinka ke da ɗan rabo shi ne fassarar jimlar tana da amfani, amma kar a ba ka ita tare. Kai za ka fassara da Hausa ka maido a duba, sannan ka gina taka jimlar da harafin nan dai, ka canza mai aikin kawai, targabu Zainabu fil kira'a misali. In ka kasa wanga to kalmar ba ta shiga ba tukuna. Turo wadda ke hannunka yanzu da layinta, in Allah ya so bayan isha'i zan duba.