Amsa: tsakiyar nauyin rabin da'ira

"Ina karatun injiniya a Kumasi. Me ya sa tsakiyar nauyin rabin da'ira take 4r/3π? Daga ina aka samo ta?"

Ɗan'uwa, fara da zane. Ɗora gefen da ya miƙe a kan layin x, cibiyar da'irar a sifili. Tunda hagu da dama daidai suke, x̄ = 0, tsayin ȳ kaɗai ya rage.

Yanzu yanka siffar siriri-siriri a kwance. Na fi son yankan kwance domin duk abin da ke cikin yanki ɗaya tsayinsa ɗaya ne, wato y. Faɗin yankin 2√(r² − y²) ne, kaurinsa dy, don haka dA = 2√(r² − y²) dy.

Ninka kowane yanki da tsayinsa, ka tara daga y = 0 zuwa r. Ɗauki u = r² − y², sai du = −2y dy, jimlar ta zama ∫√u du daga 0 zuwa r², wato 2r³/3. Raba da girman filin, πr²/2, ka samu 4r/3π.

In r santimita 10 ne, ȳ kusan 4.24 ce. Dole ta gaza rabin r, domin ƙasa ta fi faɗi. In ka yanka a tsaye, tsakiyar kowane yanki y/2 ce. Wanda ya sa y zai samu 8.49, ninki biyu.