Layi biyu a hanci kamar hanyar jirgin ƙasa: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min. Fuskata zagayayya ce a shafe, karan hancina kuma yana da faɗi tun daga tsakanin ido. Ni wankan tarwaɗa ce, fatata mai maiƙo. Na sayi faletin kontuwa mai kala shida amma duk sanda na yi sai in ga layi biyu baƙaƙe a hancina kamar hanyar jirgin ƙasa, hancin ma ya ƙara faɗi. Bikin yayata ya kusa, me zan saya, na kirim ko na hoda?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Ki ɗan riƙe kuɗinki tukuna, domin ina kyautata zaton rabin matsalar ba a cikin faletin take ba, a wajen da kike ja layin take.

Ɗauko madubi ki sa yatsa a karan hancinki. Za ki ji saman yana da ɗan fili, sai ya gangara gefe da gefe har ya haɗu da kumatu a wani ɗan kwari. Yawancin masu koyo a cikin kwarin nan suke zuba duhun, wai ai nan ne gefen hanci. To kinga ido ba ya auna ƙashi, abin da yake aunawa shi ne faɗin hasken da ke tsakanin inuwa biyu, idan kika kai layukan can ƙasa kin bar fili mai faɗi a tsakiya yana haske, kin ma zana wa mutane iyakar faɗin da hannunki kenan. Layin a sama ake yinsa, a kan karan hancin kansa, daidai inda filin ya fara gangarawa ko ma ki ɗan shigo ciki kaɗan. Tazarar da za ki bari a tsakanin layukan kada ta wuce faɗin ƙaramin yatsanki.

Sannan daga ina layin ya fara? Daga kan gira zai fara, wato bakin girar da ke kusa da hanci, ya ɗan lanƙwasa ta gurbin ido ya sauko. Ke da faɗin naki ya fara tun daga tsakanin ido wannan wajen ne ma ya fi miki aiki, inuwar da ke tsakanin kan gira da kusurwar ido ita ce take sa a ga kamar karan hancin ya taso. In kika fara layin daga tsakiyar hanci sai ya tsaya shi kaɗai ba uwa ba uba, shi ne hanyar jirgin da kike gani.

Yanzu murzawa. Ki murza gefen waje na layin zuwa ƙasa, wajen kumatu, har ya ɓace. Gefen ciki kuwa ki ɗan daddanna shi kawai ya yi laushi, kar ki ja shi tsakiya, in duhu ya hau tsakiya hancin gaba ɗaya zai yi dauɗa kamar kin shafa gawayi. Kuma abin da kike ɗiba ya yi yawa, na tabbata. Ki ɗibi kaɗan a burushi ki fara gogewa a bayan hannunki, abin da ya rage shi ne na hanci. Ƙari yana da sauƙi, ragewa ce wahala.

Hasken tsakiya, wato hailait, da konsila mai haske za ki yi shi, siriri za ki ja kamar tsinken ashana, daga ɗan ƙasan tsakanin ido zuwa kusa da ƙarshen hanci, ki tsaya, ki tsallake ɗan wuri, sai ki ɗiga ɗigo ɗaya a kan tsinin. Kar ki ɗauki ƙaton soso ki murza shi, zai baje ya dawo miki da faɗin da kika gama ragewa. Da gefen ƙaramin burushi ko kan yatsa za ki danna shi. Akwai wata dabara kuma da mutane suke mantawa: konsilan da kika sa a ƙarƙashin ido ki kawo shi har jikin gefen hanci, ya zo ya tsaya gab da inda inuwar ta ƙare. Hasken nan yana cinye gefen hancin ya mayar da shi kamar cikin kumatu, wallahi wani lokacin shi kaɗai ma ya fi layin duhun aiki.

Mu zo kan kala. Duhun kontuwa ya fi fatarki da mataki ɗaya zuwa biyu kawai, hasken ma haka. Abin da ake kwaikwayo inuwa ce, inuwa kuma ba ta da ƙyalli, ba ta yin ruwan lemo. Shi ya sa buronza, wadda aikinta ɗumama fuska ne, in aka sa ta a hanci sai ya yi ja kamar mai mura. Amma a fatarmu akwai wani tarkon ta ɗaya gefen, wasu faletin nan masu kala shida duhunsu mai toka-toka ne, a kan wankan tarwaɗa ko baƙar fata sai ya fito kamar ƙurar hunturu. Ki nemi ruwan ƙasa mai zurfi irin na cakulan, wanda bai karkata ga lemo ba bai kuma yi toka ba. Ki gwada a gefen muƙamuƙinki, ki fito ƙofar shago ki duba da hasken rana, fitilar shago maƙaryaciya ce.

To kirim ko hoda? Ni a ganina ga mai koyo kirim ya fi, saboda yana ba ki lokaci, in kin yi kuskure ki danna soso mai ɗan sauran fandeshon a kai ya gyaru. Hoda in ta zauna ta zauna. Amma tunda fatarki mai maiƙo ce kuma hanci shi ne sarkin maiƙo, kirim shi kaɗai ba zai kai ki ƙarshen dina ba, sai kin danne shi da hoda. Tsarin shi ne mai ruwa a kan mai ruwa, hoda a kan hoda: fandeshon, konsila mai haske, konsila mai duhu, ki murza, sannan hoda. In kika sa kirim bayan kin riga kin yi hoda zai yi dabbare-dabbare ya ƙi murzuwa.

Don haka abin da zan ce ki saya ba yawa. Konsila guda biyu, mai haske da mai duhu. Irin L.A. Girl Pro Conceal ɗin nan da ake samu kusan ko'ina ya isa, masu irin kalarki sukan ɗauki Fawn ko Toffee don haske, Dark Cocoa ko Espresso don duhu, amma ki gwada da kanki kar ki saya da suna kawai. Jabunsa ya yi yawa a kasuwa, in kika ga araha ta wuce hankali ko yana wani wari ko ruwa ya rabu da kalar, ajiye musu kayansu. Sai ƙaramin burushi mai laushi irin na murza kwalliyar saman ido, wannan ne ma ya fi komai muhimmanci a lissafin, da babban burushi ba a yin hanci. Sai hoda mara ƙyalli. Faletin naki kar ki yar, ki duba ko akwai ruwan ƙasa ɗaya da ya dace ki riƙa ɗorawa kaɗan a kan kirim ɗin don ya riƙe.

Sauran fuskar ba ta da wahala kamar hanci. Ki taɓa ƙashin kumatunki, inuwar a ƙarƙashinsa take, daga saitin saman kunne ta nufi kusurwar baki, amma ki tsaya a saitin ƙarshen idonki kar ki ƙarasa baki. Ki murza sama, in kika murza ƙasa fuskar za ta zubo kuma ya yi kamar gemu ya fara fito miki. Masu zagayayyar fuska sukan tsotse kumatu su bi ramin, ramin nan yana ƙasa da inda ake so, ki ɗaga kaɗan sama da shi. Hasken kuma ki tara shi a tsakiya, ƙarƙashin ido, ɗan kaɗan a tsakiyar goshi, ɗigo a haɓa. In kika baza haske daga kunne zuwa kunne kin sake shafe fuskar. Goshi da muƙamuƙi kuwa, in ɗaurin ashoke ko ɗankwali zai rufe bakin gashi, ko hijabi za ki sa, kar ki wahalar da kanki, kawai ɓata mayafi za ki yi.

Ki gwada sau uku ko huɗu kafin ranar. Gwajin shi ne ki ja baya taku biyu daga madubi a hasken taga ki juya gefe, in kin hango layi to murzawa ba ta isa ba, in kin ga hanci kawai to ya yi. Kuma ki sani daga gaba abin yake aiki, wanda ya kalle ki ta gefe hancinki na gado zai gani, fukafukan hanci ma kaɗan ake iya rage musu, in aka matsa musu da duhu sai su zama su ne abin kallo.

Tambaya: Anti ni kuma a madubi komai lafiya, amma a hoton biki sai in ga ƙarƙashin idona da karan hancina sun yi fari fat, ga hancin yana sheƙi. Hailaita ce ba ta da kyau?

Amsa: 'Yar uwa abu biyu ne suka haɗu miki. Farin nan yawanci daga hoda ne, farar hodar nan mai laushi da ake danne konsila da ita tana mayar da hasken filashin kamara, musamman in an jibga ta an bar ta ta jima. Ki koma mai ɗan ruwan ɗorawa irin Sacha Buttercup, ki sa kaɗan ki kakkaɓe sauran da burushi, ki kuma duba ko konsilan naki ya wuce mataki biyu a haske. Sheƙin kuma hailaita mai ƙyalli ce ta haɗu da maiƙo. Mai ƙyalli wajenta saman ƙashin kumatu ne, a hanci mai faɗi ni ban cika son ta ba sam, in dole ne to ɗigo a tsini kawai. In maiƙo ya taso a wajen biki ki danna tishu tukuna kafin ki ƙara hoda.

Kafin ki fita ki kashe fitilar ɗaki ki ba wani waya ya ɗauke ki da filashi daga ɗan nesa, abin da mai hoto zai gani kenan. Kar ki yi hukunci da salfi, wayar da aka kawo kusa da fuska tana ƙara wa hanci girma ko na waye.